Kuɗin da nake ba ƙanena: albashi ne, kyauta ce, ko bashi?

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan gini a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Rajistar sunan kasuwanci kawai na yi, ba kamfani ba ne. Ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya shi ke riƙe mani sito da littafin kaya shekara uku ke nan, kuma ina tura mashi naira 150,000 duk wata. Ban taɓa kiran kuɗin albashi ba, don ina jin nauyin a ce na mai da ɗan'uwana ɗan aiki. Bana zai yi aure, na yi niyyar ba shi naira miliyan 2, sannan ya nemi rancen naira 1,200,000 zai ƙarasa ginin ɗakinsa. Ribata a shekara tana kaiwa naira miliyan 12 kafin in cire abin da nake ba shi. Wani abokina ya ce in rubuta duka a matsayin albashi don harajina ya ragu, wani kuma ya ce in kira duka kyauta tunda ba a biyan haraji a kan kyauta. Wanne zan bi?

Wani Alhaji, Ƙofar Ƙaura

Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah Ya saka da alheri kan riƙon zumunci, Ya sa a yi bikin lafiya.

Kada ka bi ko ɗaya daga cikin abokan nan naka biyu. Kowannensu ya riƙo wani yanki na gaskiya, sai ya so ya lulluɓe kuɗi iri uku da mayafi ɗaya. Ma'aikacin haraji ba sunan da ka raɗa wa kuɗi yake bi ba, dalilin da ya sa kuɗin suka bar hannunka yake bi. In don aikin da aka yi maka ne, lada ne. In don zumunci ne kawai, ba ka jiran komai, kyauta ce. In za a dawo maka da su, bashi ne. Kowanne da hukuncinsa, kuma in ka bar kowanne a mazauninsa za ka ga lissafin ya fi yi maka daɗi fiye da dabarar da aka kawo maka.

Bari mu fara da na wata-wata, don a nan ne kake asara ba ka sani ba.

Mutumin da ke buɗe sito da safe, ya ƙirga buhunan siminti da aka sauke, ya rubuta bandir nawa na kwano aka fitar, ya kulle da yamma, aiki yake yi. Abin da yake karɓa duk ƙarshen wata albashi ne a idon doka, ko ka kira shi da wannan suna ko ba ka kira ba. Na fahimci nauyin da kake ji, don mu nan haka muka taso: babba ba ya cewa yana biyan ƙanensa, sai dai a ce yana ɗan taimaka masa. To amma wannan kunyar tana da farashi, kuma zan nuna maka shi a lissafe.

Dokar Haraji ta Najeriya da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, hawa-hawa take karɓar harajin mutum. Naira 800,000 na farko a shekara ba a taɓa su. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari. Naira miliyan 9 da ke biye da waɗannan kuma kashi 18 cikin ɗari. Akwai hawa na sama da haka, har zuwa kashi 25, amma ba su shafe ka ba a yanzu. Tunda sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, doka ba ta raba ka da shagon ba. Ribar shago kuɗin shigarka ce kai kanka, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Katsina ce ke da hakkin karɓar harajin, ba ta tarayya ba.

In ka bar kuɗin ƙanenka a matsayin taimako, ribarka tana nan a naira miliyan 12 cif. Hawa na biyu zai ci naira 330,000, na uku ya ci naira 1,620,000, jimla naira 1,950,000. In kuwa ka rubuta su a matsayin albashi, sun zama ɗawainiyar kasuwanci kamar kuɗin hayar shago ko kuɗin mota da ta ɗauko maka rodi daga Kano. Naira 150,000 sau goma sha biyu naira 1,800,000 ke nan, ka cire su, riba ta koma naira 10,200,000, harajinka ya sauko zuwa naira 1,626,000. Ka ga an sami ragin naira 324,000.

Sai dai kuɗin ba su ɓace wa hukuma ba, sun koma kan ƙanenka ne. Shi ma yana da nasa naira 800,000 da ba a taɓawa, don haka naira miliyan 1 ne kawai za a ɗauki kashi 15 a kai, wato naira 150,000 a shekara, naira 12,500 duk wata. Ka ɗebe wannan daga ragin da ka samu, gidanku ya tsira da naira 174,000 a shekara, kuma ta halastacciyar hanya, ba tare da ka rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Sirrin ba wani abu ba ne illa kuɗin sun tashi daga hawanka na kashi 18 sun sauka a hawansa na sifiri da na kashi 15. In ma yana biyan hayar gida, dokar ta yarda a rage masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar daga abin da za a yi wa haraji, muddin ragin bai wuce naira 500,000 ba, amma sai ya bayyana hayar da shaida.

Wannan lissafin yana da sharuɗɗa, kuma gara in faɗa maka su tun yanzu. Na farko, ya tsaya ne a kan cewa ƙanenka ba shi da wata hanyar samu. Da a ce malamin makaranta ne da ke karɓar albashin gwamnati yana zuwa shagonka da yamma, to albashinsa na can ya riga ya cinye naira 800,000 ɗin, ribar da za ku ci ta ragu ƙwarai. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ragin yana amfanar wanda ke kai lissafinsa ne a rubuce. 'Yan kasuwa da yawa a Katsina ba sa kai komai, sai a yi musu ƙiyasi a yanka musu abin da za su biya. In haka kake, albashin da ka rubuta ba zai rage maka ko kwabo ba har sai ka fara kai littafin ciniki da na kashe-kashe, don ba a cire ɗawainiya daga ribar da ba a nuna yadda aka same ta ba. Da ribar da ta kai irin taka, lokacin riƙe littafi na sosai ya yi.

Sharaɗi na uku shi ne albashin ya yi daidai da aikin. Abin da doka ta yarda a cire shi ne abin da aka kashe kacokan don samar da ribar kasuwancin. Kuma ta ba hukuma ikon yin watsi da duk wata mu'amala da ta ga ta bogi ce, musamman tsakanin dangi, ta mai da ita kan abin da baƙo da baƙo za su yi. Ma'aunin mai sauƙi ne. Tambayi kanka: da ƙanena zai tafi gobe, nawa zan ba wani amintaccen da zai riƙe mani sito da littafi? In amsar tana kusa da naira 150,000, ka tsaya a kan dutse. In kuwa ka san naira 90,000 za ka ba bare, to naira 60,000 da ke sama zumunci ne, kuma gaskiya ita ce ka raba su: wancan albashi, wannan kyauta. Haka nan in rabin yininsa yana tafiya ne wajen kai yaranka makaranta da yi wa gida cefane, wannan rabin hidimar gida ce, ba ta shiga littafin shago.

Yanzu ka duba shawarar abokinka na biyu, mai cewa a kira komai kyauta. Ban da asarar naira 324,000 da kake yi duk shekara, ba ka ma kuɓutar da ƙanenka ba. An gudu ne ba a tsira ba. Kuɗi iri ɗaya, rana kusan ɗaya, duk wata, zuwa asusun mutumin da kowa a layin ya san shi ke riƙe da makullin sito, babu ma'aikacin harajin da zai gani ya yarda kyauta ce. Kuma nauyin cire harajin ma'aikaci a kan mai ba da aiki yake. In bai cire ba, shi za a bi kuɗin, a ɗora masa tara, wadda a sabuwar dokar gudanar da haraji ta kai kashi 40 cikin ɗari na abin da ya kamata ya cire. A lissafinku naira 60,000 ke nan a kan naira 150,000 na shekara guda.

Yadda ake yin abin ba wuya. Ka je ofishin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ka yi rajista a matsayin mai ba da aiki, a tsarin da za ka ga an rubuta PAYE a takardunsu, wato cire haraji daga albashi tun kafin ya shiga hannun mai shi. Lambar NIN ta ƙanenka ita ce ke zama lambar harajinsa. Duk wata ka cire naira 12,500, ka tura masa naira 137,500, ka biya wa hukuma nata kafin 10 ga watan da ke biye ya wuce, ka adana rasit. A watan Janairu, kafin 31 ga wata, ka kai bayanin abin da ka biya shi da abin da ka cire a shekarar da ta gabata. Naka bayanin na kanka kuma zuwa 31 ga Maris. Harajin albashi yana bin jihar da ma'aikaci ke zaune ne, tunda kuwa a Katsina yake, nan za a biya. Ku rubuta takarda 'yar shafi ɗaya mai ɗauke da aikinsa, albashinsa da ranar da aka fara, ku sa hannu ku biyu. Albashin ya riƙa fita daga asusun shago ta banki, ba daga aljihun rigarka ba.

Game da shekaru ukun da suka wuce, abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka ƙirƙiro takardu ka sa musu tsohon kwanan wata. Waɗannan shekarun tsohuwar doka ce ke hukunta su, da nata lissafin daban. Ka zauna da akanta ya duba abin da ka riga ka kai wa hukuma a lokacin da abin da ka tura wa ƙanenka, ya faɗa maka yadda za a daidaita. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai kuɗin aure. A nan abokinka na biyu ya yi gaskiya. Najeriya ba ta da harajin kyauta, ba ta kuma da harajin gado. An taɓa kafa irin wannan haraji a 1979, aka soke shi a 1996, sabuwar dokar ma ba ta dawo da shi ba. Naira miliyan 2 da za ka ba shi don lefe da sadaki da gyaran ɗaki, ba zai biya ko sisi a kansu ba, kai ma ba za a caje ka don ka bayar ba. Abin da ba za ka samu ba shi ne ragi. Kyauta daga ribar da aka riga aka lissafa wa haraji take fita. A littafin shago sai dai a rubuta ta a jerin kuɗin da mai shago ya ɗauka don bukatar kansa, tare da kuɗin cefane da na makarantar yara, ba a jerin ɗawainiyar kasuwanci ba.

Na san abin da zai zo maka a rai: tunda albashi yana rage haraji, me zai hana a kira wannan miliyan biyun ladan ƙwazo na ƙarshen shekara? Mu lissafa, don wannan shi ne wurin da na fi so ka gani da idonka. In ka cire su a matsayin albashi, harajinka zai ragu da kashi 18 na miliyan 2, wato naira 360,000. Amma samun ƙanenka na shekarar zai tashi daga naira 1,800,000 zuwa naira 3,800,000. Ya cike hawan kashi 15 ke nan, har naira 800,000 sun tsallaka hawan kashi 18. Harajinsa zai tashi daga naira 150,000 zuwa naira 474,000, ƙarin naira 324,000. Ka rage naira 360,000 a nan, an ƙara naira 324,000 a can. Abin da ya saura muku naira 36,000 ne kacal. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A kan wannan ɗan abin ne za ka rubuta abin da ka san ba haka yake ba, ka kuma jawo ido kan littafinka, don ladan ƙwazo da ya fi albashin shekara guda yawa, aka biya ƙanen mai shago ana saura mako uku ɗaurin aurensa, yana kiran tambaya da kansa. In aka ƙi yarda da shi, za a bi ka naira 360,000 ɗin har da tara da kuɗin jinkiri, alhali an riga an cire wa yaron naira 324,000 daga kuɗin aurensa. Kyauta ce, bar ta a kyautarta.

Yadda za ka tsare ta shi ne ka fara mai da kuɗin asusunka na kanka, daga can ka tura masa, a rana daban da ranar albashi, ka rubuta a wurin bayanin turawa cewa gudummawar aure ce. Mutane sun ɗauka wannan 'yar rubutun ita ce komai, har ana ta yaɗa cewa duk kuɗin da suka shiga asusu ba bayani za a yanke musu haraji. Ba haka ba ne. Shigar kuɗi asusu ba ita ke sa haraji ba, kuma rubuta kalmar kyauta ba ta mai da lada kyauta. Bayanin shaida ce ƙarama da ke taimaka maka ranar da aka tambaya, in ta dace da sauran abin da ke ƙasa: katin gayyata, ranar biki, da kasancewar abu ne na sau ɗaya. Wannan duk a kan kyautar tsabar kuɗi nake magana. Ranar da za ka ba shi fili ko gida, akwai kuɗin hatimi da na sauya sunan mai mallaka, wannan zance ne na wata rana.

Bashi kuma, ta fuskar haraji, shi ne mafi sauƙi, ta fuskar zumunci shi ne mafi haɗari. Ranar da ka ba shi naira 1,200,000 ba ka yi asara ba, don haka babu abin cirewa daga riba. Shi ma bai samu kuɗin shiga ba, don zai mayar. Ranar da ya biya ka, kuɗinka ne suka dawo, ba riba ba ce. Haraji yana shigowa ne kawai in an ɗora wani abu a kan uwar kuɗi, don ruwan bashi kuɗin shiga ne ga mai karɓa. Na san ba za ka ɗora ba, addini ya riga ya rufe wannan ƙofar. Amma ka lura da wata siga da ake yi da yawa a garin nan: mutum ya sayi keke mai ƙafa uku ya ba ɗan'uwansa a kan farashin da ya fi na saye, yana biya mako-mako har ya mallaka. Wannan ciniki ne ba rance ba, kuma abin da ya hau kan kuɗin saye riba ce da ke shiga lissafin haraji. Haka in ka ba shi jari kuna raba riba, rabonka kuɗin shiga ne.

Mai yiwuwa ka ce za ka riƙa cire naira 50,000 daga albashinsa har wata 24. Tsari ne mai kyau, sai dai akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Harajin albashi a kan naira 150,000 ake lissafa shi, ba a kan naira 100,000 da suka rage bayan cire bashi ba. Biyan bashi ba ya rage albashi, yana nuna inda mai albashin ya kai kuɗinsa ne kawai. Don haka a takardar wata za a ga albashi naira 150,000, haraji naira 12,500, biyan bashi naira 50,000, abin da ya shiga hannu naira 87,500. Ka dubi wannan adadi na ƙarshe da kyau. Ango ne, ga sabon gida, ga amarya. In ka ga zai matse shi, ku mai da shi naira 25,000 a wata 48, hukuma ba ruwanta da tsawon lokacin.

Ku rubuta shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma abin da ta nema ya wadatar da ma'aikacin haraji ma: nawa ne, wa ya ba wa, yaushe, yaya za a biya, su wa suka shaida. Na taɓa zama a wani zaure a cikin gari bayan rasuwar wani ɗan kasuwa, aka ɗauko littafinsa mai baƙin bango don a fitar da abin da ake binsa da abin da yake bi kafin rabon gado. A wani shafi an rubuta sunan ƙanensa, a gabansa adadi mai yawa, ba wata kalma ko ɗaya. 'Ya'yan suka ce bashi ne, a dawo da shi cikin dukiya. Ƙanen ya rantse cewa ladan shekarun da ya yi yana tsaron shago ne aka tara masa. Ina kallonsa yana shafa shafin da yatsa kamar rubutun zai ƙara fitowa, idonsa ya kawo ruwa. Wanda zai raba gardamar yana ƙasa. Kalma ɗaya a gefen adadin nan da ta wadatar, kuma har yau gidajen biyu gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Shi ya sa nake matsa maka a kan takarda, ba don hukuma kaɗai ba.

In kwana ya ja ka ga ba zai iya biya ba, ko zuciyarka ta ba ka ka yafe, sai ka kula da dalilin da ka rubuta. In ka yafe don ɗan'uwanka ne, saura ya zama kyauta, ba haraji a kansa, kai kuma ba ragi. Ba za ka sa shi a jerin bashin ciniki da ya mutu ba, don wannan jerin na abokan ciniki ne da suka ɗauki siminti ba su biya ba, ba na rancen gina ɗaki ba. In kuwa ka ce ka yafe ne saboda ƙoƙarinsa a shago, ka mai da shi ladan aiki da bakinka, sai ya shiga albashin shekarar a cire masa haraji. Abin da ya fi jawo zargi shi ne bashin da ake bayarwa duk shekara, ba a taɓa biyan ko naira ɗaya ba, ana yafewa ana sake bayarwa. Wannan kowa ya gani ya san albashi ne aka sa wa wata riga. Takardar bashin da rasit ɗin albashin da bayanan banki, ka adana su aƙalla shekara shida, don iyakar abin da doka ta nema ke nan.

Duk abin da na faɗa a kan matsayinka na yanzu ne. Ranar da ka mai da shagon kamfani mai rajista, kuɗin kamfani sun daina zama naka kai tsaye, kuma ba za ka ɗebi miliyan 2 daga asusunsa ka yi gudummawar biki ba sai sun fara zama naka ta hanyar albashi ko rabon riba. In kana da wannan niyyar, ka sake zama da akanta kafin ka sa hannu.

Saura magana da shi ƙanen naka, wadda na san ita ce ta fi yi maka nauyi. Kada ya ga kawai kuɗin wata sun zo da ragin naira 12,500 ba bayani, zai ɗauka wani abu ya yi maka. Ka kira shi ku zauna bayan an rufe shago, ka nuna masa lissafin nan. Ka gaya masa abin da zai samu: takardar shaidar biyan haraji da sunansa, wadda ake nema wajen neman takardar fili ko kwangila, da tarihin albashi a banki da zai iya nunawa in bukata ta taso. Ni a ganina kiran abin albashi ƙara masa daraja ne, don yana nufin guminsa yake ci, ba ciyar da shi ake yi ba, kuma mai shirin ajiye iyali yana bukatar ya san haka.

In kana so abin da ke shiga hannunsa kada ya ragu, akwai hanya, matuƙar aikin nasa ya kai wannan kuɗin. Ka mai da albashin naira 165,000. A shekara naira 1,980,000 ke nan, harajinsa naira 177,000, wato naira 14,750 duk wata, ya karɓi naira 150,250 kafin a cire na bashi. Kai ƙarin naira 180,000 ka yi a shekara, harajinka kuma ya ragu da naira 356,400, ka ga har yanzu kana gaba da inda kake a yau da naira 176,400. Ku fara da farkon wata mai kamawa, takardar aiki da ta bashi a rubuta su rana ɗaya, a kira mutum biyu daga cikin dattawan gidanku su sa hannu a ta bashin.